Kalma ɗaya a talla kan mayar da turaren wuta maganin ƙwari

A kasuwar Kurmi ko Kantin Kwari, abin da hukuma ba ta hana ba ya halatta a kasa shi, kuma abin da mai kaya ya faɗa wajen kiran ciniki iska ce ke ɗauke shi. Kasuwannin intanet irin su Amazon da eBay da Etsy ba haka suke ba. A can kiran cinikin rubutacce ne, na'ura ce ke fara karanta shi kafin mai saye ya gani, kuma da shi ake yanke hukuncin ko wane irin kaya ne aka kawo. Yawancin 'yan kasuwar Arewa da ke neman fitar da kaya ta wannan hanya sukan fara da hoto mai kyau da suna mai jan hankali, sai an sauke tallan su je neman dalili. Wannan bahagon tsari ne. Shafin kayan da aka hana shi ya kamata a fara buɗewa, tun kafin a sari kayan ma, balle a rubuta musu talla.

A ɗauka wata 'yar kasuwa ce a Kano, yayarta na zaune a Amurka, suka shirya buɗe shago a Amazon. Kayansu uku ne, duk na gida: turaren wuta, da humra, da jakunkunan fata. Babu ɗaya daga ciki da zai sa wani ya ɗaga gira a Kano. Amma kowanne yana da irin shingen da zai ci karo da shi, kuma shingayen ba iri ɗaya ba ne.

Turaren wuta ya fi ban mamaki, domin shi kansa ba shi da laifi. Itace ne da aka jiƙa da turaruka, ana sayar da irinsa a can ba tare da wata matsala ba. Sai dai mai talla, don ta ƙara wa kayanta daraja, za ta so ta rubuta abin da kowa ke faɗa a gida, cewa yana ƙamsasa ɗaki kuma yana korar sauro. Rabin jimlar na biyu shi ne tarkon. A dokar Amurka, duk abin da aka sayar da da'awar yana kashe ƙwari ko yana korarsu, maganin ƙwari ne, kuma a ƙa'ida sai hukumar kare muhalli ta ƙasar, EPA, ta yi masa rajista, in ban da 'yan kaɗan da aka keɓe. Ba sinadarin da ke ciki kaɗai ake dubawa ba, har da niyyar da aka bayyana. A shekarar 2018 Amazon ta amince ta biya tarar da ta haura dala miliyan 1.2 saboda magungunan ƙwari marasa rajista da aka sayar a dandalinta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tun daga nan na'urarta ke farautar kalmomi irin su “repels mosquitoes” da “antibacterial”, kuma ba ruwanta da cewa itacen ƙamshi ne a cikin kwalbar.

Haka abin yake ga man kaɗe. A rubuta cewa yana laushin fata, kayan kwalliya ne. A rubuta cewa yana warkar da ƙyasbi ko ciwon gaɓoɓi, ya zama magani a idon hukumar abinci da magunguna ta Amurka, magani kuma marar izini. Etsy ma ta hana irin wannan da'awar a fili. Masu kayan mata, waɗanda tallansu kacokan alkawari ne na abin da kayan zai yi a jiki, su suka fi kowa shiga wannan rami, don in aka cire alkawarin ba abin da ya rage a tallan. Lambar NAFDAC, ga wanda yake da ita, ba ta tsallake teku; shaida ce ta Najeriya.

Gyaran wannan shinge da sauƙi, matuƙar an san da shi tun farko: a bayyana abin da kayan yake, da abin da aka haɗa shi da shi, da yadda ake amfani da shi, a bar abin da ake fatan zai yi. Amma da sharaɗi. Da'awar ba a rubutun talla kaɗai take ɓuya ba. In an riga an buga takardar jikin kwalba ɗari biyu a Kano da hoton sauro an ja masa layi, to hoton kayan da kansa ya yi da'awar, kuma sai an sake buga takardun duka. Wannan ɗaya ne daga dalilan da suka sa binciken ya kamata ya riga sari.

Humra kuwa matsalarta ba ta baki ba ce, ta cikin kwalba ce. Kowace mai haɗawa da nata sirrin, wata da mai zalla take yi, wata kuma takan zuba turaren fesawa mai sinadarin barasa don ƙamshin ya tashi. A dokokin sufurin kaya na duniya, ruwan da tururinsa ke iya kama wuta a zafin digiri 60 na ma'aunin Salshiyas ko ƙasa da haka, kaya ne mai haɗari na aji na 3, kuma turaren da ya faɗa cikin wannan rukuni yana da lambarsa, UN1266. Tsantsar barasa tana kamawa tun a wajen digiri 13, wato ƙasa da zafin ɗaki. Ba a hana sayar da turare ba, amma kafin Amazon ta ajiye shi a rumbunta takan nemi takardar bayanin haɗarin kaya, SDS, mai sashe 16. Sashe na 9 ne ke faɗin zafin da kayan ke kamawa, na 14 kuma yana faɗin ajinsa wajen sufuri. Babban kamfanin turare yana da wannan takarda a aljihu. Matar da ta haɗa humra a tukunya a Gwale ba ta da ita, kuma ba za a ƙirƙire ta da ka ba, sai an san ainihin abin da ke ciki, wani lokaci sai an kai ɗakin gwaji.

Lissafin asarar ba shi da wuya. In kowace kwalba ta tsaya a kan naira 4,000, kwalba 200 naira 800,000 ke nan, ban da kuɗin jirgi. Kamfanin jigila na iya ƙin ɗauka tun daga Kano in an faɗi gaskiyar abin da ke ciki. In an ɓoye an rubuta “man shafawa”, an aikata laifin da ya fi na karya ƙa'idar kasuwa girma, domin ɓoye kaya mai kama wuta a jirgin sama ba wasa ba ne. Da an duba tun farko, da sai a zaɓi ɗaya cikin biyu: a haɗa humrar da mai zalla a nemi takardun kowane turaren da aka zuba daga wajen dillalinsa, ko a ajiye ta a fara da turaren wuta kaɗai.

Shinge na uku ba ya gyaruwa da sauya kalma ko sauya haɗi. Jakar fatar akuya, musamman jar akuyar Sakkwato da Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko, ba ta da wata matsala. Amma dukawa sukan ƙawata jaka da ɗan ƙyallen fatar mesa ko guza ko kada, kuma wannan ɗan ƙyallen ya isa ya sauya hukuncin jakar baki ɗaya. Yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a 1973 kuma Najeriya na cikinta, ta sa mesa da guza a jeri na 2, wanda ba a fitar da shi daga ƙasa sai da takardar izini ta hukuma. Kadan Najeriya yana jeri na 1, inda aka rufe ƙofar cinikinsa tsakanin ƙasashe. A ɓangaren Amurka, mai shigo da kayan namun daji don sayarwa sai ya mallaki lasisi, ya kuma bayyana kayan ga hukumar kula da kifi da namun daji. Jihar Kalifoniya ma ta hana sayar da fatar mesa gaba ɗaya. Mai shago a intanet kuwa ba ya zaɓen jihar da mai saye zai fito.

Akwai masu cewa duk wannan tsoro ne kawai, tunda ga wasu can suna sayar da irin kayan, har da kalmomin da aka ce an hana. Hujja ce mai rauni. Wanda aka gani yana iya kasancewa yana da izinin da ba a gani a shafinsa, ko kuma dai ba a kai gare shi ba tukuna. Waɗanda aka sauke ba sa fitowa a bincike, don haka mai dubawa waɗanda suka tsira kaɗai yake gani. Dabarar lauya rubutun kalma don a ruɗi na'ura ta fi muni, domin tana mayar da kuskure ya zama ganganci, kuma hukuncin ganganci a kan shagon yake sauka. Idan Amazon ta rufe shago, tana iya riƙe kuɗin cinikin da ke ciki har kwana 90, ciki har da na kayan da ba su da laifi.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne cewa an tsara ƙa'idojin ne da manyan kamfanoni a zuciya, kuma akwai gaskiya a ciki. Idan wani rukunin kaya na buƙatar izini, Amazon takan nemi rasitin sari na kwanan nan mai ɗauke da suna da adireshin dillali, galibi na aƙalla guda 10. Mai sari a Kurmi, inda ciniki ke ƙarewa da musafaha, ba shi da irin wannan rasiti. Rashin adalcin tsarin bai rage ko kwabo daga asarar wanda ya faɗa ciki ba, sai ma ya ƙara dalilin dubawa da wuri, don a san takardar da za a nema daga dillali ranar sari, lokacin da yake da sha'awar bayarwa.

Binciken kansa aikin yini ɗaya ne. Amazon na da shafin Restricted Products, eBay na da Prohibited and restricted items, Etsy na da Prohibited Items Policy, kuma kowace ƙasa da nata: abin da shagon Amurka ya yarda da shi, na Birtaniya na iya ƙi. Abin da ke sa mutane kuskure shi ne neman sunan kayansu a jerin. Ba za a sami humra ko turaren wuta a can ba. Sai a warware kayan zuwa abin da aka yi shi da shi, da inda yake taɓawa a jiki, da abin da za a ce yana yi, sannan a nemi kowanne: barasa a ƙarƙashin kaya masu haɗari, fata a ƙarƙashin dabbobi, korar sauro a ƙarƙashin magungunan ƙwari. A Amazon akwai gwaji na biyu da ba ya cin ko sisi. A shiga wurin ƙara kaya, a nemo irinsa da wani ke sayarwa. In maɓallin Apply to sell ya bayyana, wannan shago bai da izini tukuna, kuma danna shi zai nuna takardun da ake so.

Ga 'yar kasuwar nan ta Kano, sakamakon yinin zai kasance haka: turaren wuta ya wuce, da sabuwar takardar kwalba marar sauro, humra ta dakata sai an sauya haɗi ko an samo takarda, jakunkuna kuma a koma wa baduku a ce masa akuya zalla, kada ya sa ko da ɗan yatsa na mesa a bakin aljihu. Ko a cikin gida ma ba a tsira ba, don ƙa'idar Facebook Marketplace ta hana tallan dabbobi masu rai, abin da masu kiwon ragunan layya kan gano ana saura mako biyu Sallah.