Tsuntsun Da Ke Cikin Hoto Ba Ya Shaidar Zur

Jama'a, duk wanda ya zauna a Agege ko Idi-Araba ya san yadda ɗan ƙaramin labari kan tayar da hankalin 'yan'uwa a gida. Ba mu manta da rikicin Idi-Araba na 2002 ba, ko na kasuwar Mile 12 na 2016. Yau kuwa hoto guda a wayar hannu ya isa Kano kafin a sallame sallar azahar, an rubuta a ƙasansa wai ga rumfunan Hausawa an ƙone a Agege. Kafin mutum ya tura wa wani, akwai shaidar da ya kamata ya nema, wato tsuntsu ko dabbar da ta faɗo cikin hoton. Mai ƙarya yana iya sake rubutu, amma da wuya ya tuna da hankakan da ke bisa rufi.

To, a ce irin wannan hoto ya zo maka, ga rumfuna sun ƙone, ga tsuntsaye baƙaƙe a kan kwano. Ka faɗaɗa hoton, ka dubi wuyansu da ƙirjinsu. Hankakan ƙasarmu farin ƙirji gare shi, farin kuma ya zagaye wuyansa kamar ya saka 'yar shara. Idan kuwa ka ga babu fari ko kaɗan, wuyan ruwan toka ne, jikin kuma ya fi na namu ƙanƙanta, to wannan hankakan Indiya ne. Jiragen ruwa suka kai shi bakin tekun gabashin Afirka da na Bahar Maliya, shi ya sa ya cika Mombasa da Dar es Salaam da Jidda. Garkensa a kan rufi ya nuna hoton ba na Legas ba ne, kome aka rubuta a ƙasansa.

Amma fa idan mai farin ƙirjin ka gani, kada ka yi saurin cewa magana ta tabbata. Wannan hankaka yana Legas, yana Kano, yana Akara, yana Nairobi. Haka balbela, wadda har ƙasashen Amirka ta kai. Irin waɗannan ba sa raba gardama. Ƙa'idar ita ce, tsuntsu ya fi iya faɗa maka inda ba a ɗauki hoto ba, fiye da inda aka ɗauke shi.

Wani tsuntsun kuwa har lokaci yake faɗa. Ɗauki shamuwa, mai baƙin baya da farin ciki. Da ƙaratowar damina take isowa ƙasar Hausa, wajen watan Afrilu zuwa Mayu, ta yi sheƙa a kan itatuwan cikin gari, idan ruwa ya ɗauke ta nufi kudancin Afirka. Saboda haka hoton da ya nuna shamuwa a kan sheƙarta ya nuna ƙasar fili irin tamu ta Arewa, kuma da damina. Wanda ya ce a Agege aka ɗauke shi, ko kuma a Katsina cikin hunturun Janairu, tsuntsuwar ta ƙaryata shi. Sai dai ƙasar sheƙarta doguwa ce, tun daga Sanagal har Habasha, don haka ba za ta bambance maka Daura da Maraɗi ba. Shirwa ma tana bin yanayi: da rani ta fi yawa a Legas, da damina sai ta hau Arewa.

Abu na ƙarshe da za a kiyaye shi ne dabbar da hannun mutum ya kai wani wuri. Aku tsuntsun kurmi ne, amma ga shi cikin keji a birnin Kano. Jakin dawa ba ya cikin namun dajin Afirka ta Yamma, amma a 2006 ƙasar Namibiya ta ba Jihar Bauci namun daji da aka zuba a gandun Sumu, har da shi a ciki. Don haka sai ka duba ko akwai keji, ko shinge, ko igiya. Dabbar da ke sake cikin garke ita ce ake karɓar shaidarta.

Shawararmu ga mai karatu ita ce ya fara da tantance irin tsuntsun, in ya kasa ya nuna wa maharbi ko tsohon manomi. Daga nan ya tambayi kansa ko ana samunsa a wurin da aka ambata, kuma a watan da aka ambata. Sannan ya haɗa da sauran alamu, kamar rubutun allunan shaguna da launin motocin haya, tunda kowa ya san motocin danfo na Legas rawaya ne. In shaidu suka saɓa wa juna, ya riƙe hoton a wayarsa, ya kira wani nasa a Agege ya ji daga bakinsa. Fitina kwance take, Allah Ya kiyashe mu da tashinta, amin.