Agogonka Bai Lalace Ba, Wayarka Ce Ta Sallami Ɗan Aike

A zangon da ya wuce saura ƙiris in rasa tes ɗin da ke da maki ashirin, kuma agogon da ke hannuna ne ya kusa jawo mini. Ranar kwana biyu ke nan ba a kawo wuta a hostel ba. Da asuba wayata ta sauka zuwa kashi 20, sai Battery Saver ya kunna kansa kamar yadda na saita shi tun ranar da na sayi wayar. Na jefa ta cikin jaka na tafi laburare, raina kwance, don na saba duk saƙon da ya shigo agogo zai motsa mini a hannu. Wakilin aji ya rubuta a guruf ɗinmu na WhatsApp cewa an dawo da tes daga ƙarfe goma sha biyu zuwa ƙarfe goma, an kuma canza ɗaki. Agogo bai ce uffan ba. Da wani abokina bai hango ni ta taga ya ce, "Kai, me kake yi a nan, an fara shiga fa!" ba, da sai dai labari.

Da yamma na yi niyyar mayar wa mai shago agogonsa, in ce ya sayar mini da jabu. Na gode Allah da ban je ba, don da na zalunce shi. Na san ba ni kaɗai wannan ya taɓa samu ba, shi ya sa na ga ya dace in faɗi abin da na gano da kuma matsayata a kai.

Abu na farko da ya kamata mu gane shi ne irin agogunan da yawancinmu muke ɗaurawa ba su da layi, ba su da data, ba su san WhatsApp ba. Saƙo waya yake zuwa wa. A wayar Android, manhajar nan da aka sa ka sauke ranar da ka haɗa agogon ita ce ɗan aike. Ka ba ta izinin da ake kira Notification access, wato ta riƙa leƙa duk sanarwar da ta faɗo, ta kwafi rubutun, ta miƙa wa agogo ta Bluetooth. Idan tana farke, saƙo ya isa hannunka cikin daƙiƙa. Idan aka kwantar da ita, saƙon yana nan zaune a waya, babu mai ɗauka. Agogon kuma ba zai yi ƙorafi ba: yana nuna lokaci, yana ƙirga takunka, alamar Bluetooth tana nan a saman waya. Komai a ido lafiya lau. Wannan shirun ne ya yaudare ni.

Shi kuwa Battery Saver aikinsa ke nan, kwantar da duk abin da ke motsi a bayan fage. Tun Android 5 a 2014 aka sa shi, sannan Android 6 a 2015 ta ƙaro wani tsari mai suna Doze, wanda idan an ajiye waya allo a kashe yake tara ayyukan manhajoji ya riƙa sakinsu jefi-jefi. Da zarar Battery Saver ya kunnu, waya tana ƙara matsa wa manhajojin da ba ka buɗe ba: tana hana su data, tana taƙaita abin da za su yi a ɓoye. Kamfanoni da dama kuma suna ɗora nasu tsarin a kai, wanda ba ya tsayawa a taƙaitawa, rufe manhajar yake yi gaba ɗaya. To ka duba manhajar agogo da idon waya: ba ka buɗe ta ba tun makon jiya, ga ta kullum a kunne, tana riƙe da Bluetooth. A lissafin waya, ita ce ta farko da ta cancanci a sallama. Waya ba ta san cewa rashin buɗe manhajar shi ne alamar tana aikinta daidai ba.

Amma ba kullum ne ɗan aiken ke da laifi ba. Hanyar saƙo gaɓa biyu ce: daga intanet zuwa waya, sannan daga waya zuwa agogo, kuma Battery Saver yana iya taɓa kowacce. Saƙonnin hira yawanci suna zuwa da alamar gaggawa da ke tada waya ko tana barci, amma imel da sanarwar wasu manhajoji sukan jira sai ka kunna allo. Abin da bai shigo waya ba, babu yadda zai isa agogo.

Ga yadda na bambance su, ni da abokin ɗakina, a daren da abin ya faru. Na kunna Battery Saver da hannuna, na kashe allo, na ajiye wayar minti ashirin ban taɓa ta ba. Jiran nan yana da muhimmanci, don ba nan take ake rufe manhajar ba. Wanda ya gwada bayan minti ɗaya zai ga komai yana tafiya ya ɗauka babu matsala. Sai abokina ya turo mini tes na layi, wanda ba ya buƙatar data, ya kuma turo saƙon WhatsApp. Wayar ta yi ƙara sau biyu, agogo shiru. Ke nan saƙo ya shigo, gaɓa ta biyu ce ta tsinke. Da a ce tes ɗin ya isa agogo, na WhatsApp kuma bai shigo ba sai da na kunna allo, da mun san matsalar tana gaɓar farko. Da na buɗe manhajar agogon, sai na tarar tana neman haɗuwa da shi daga farko, shaidar cewa an rufe ta.

Akwai wata alama da ke rikita mutane. Wani zai ce, "Ai nawa kira yana shigowa, saƙo ne kawai ba ya zuwa." Agogunan da ake amsa kira da su suna haɗuwa da waya ta hanya biyu. Kira yana bi ta hanyar da abin sauraro na kunne yake bi, wadda wayar ce da kanta take riƙe da ita. Saƙo kuwa sai ta hannun manhaja. Don haka kira ya shigo saƙo ya ƙi, kusan kai tsaye yana nuna maka an kwantar da manhajar.

Masu iPhone ba su cika shan wannan wahalar ba, kuma dalilin yana ƙara tabbatar da maganar. A can tsarin wayar ne da kansa yake miƙa sanarwa ga agogo, ba sai manhajar agogon tana farke ba. Low Power Mode yana dakatar da ɗebo imel da sabunta manhajoji a ɓoye, amma abin da ya riga ya faɗo a waya yana wucewa hannu.

Gyaran da na yi bai ɗauke ni minti biyar ba. Na danne alamar manhajar agogon, na shiga App info, na shiga Battery, na mayar da ita Unrestricted. A tsofaffin wayoyi za ka ga Don't optimize. Na nemo jerin Auto-start na kunna mata, don ta iya tashi da kanta idan an rufe ta. A jerin manhajojin da aka buɗe kwanan nan na sa mata kwaɗo, saboda ni ma ina cikin masu share komai da yatsa ɗaya da sunan tanadin caji, ashe ɗan aikena nake kora da hannuna. Na kuma dawo da 'yar sanarwar nan da manhajar take kafewa a saman allo, wadda na kashe don tana ba ni haushi. Ita ce take gaya wa Android cewa manhajar tana kan aiki, a bar ta. A ƙarshe na kashe Notification access na sake kunnawa, domin bayan an rufe manhaja da ƙarfi wani lokaci izinin yana nuna a kunne alhali bai kama ba. Sunayen wuraren nan suna ɗan bambanta daga waya zuwa waya, amma idan ka rubuta su a akwatin bincike na Settings za ka same su. Muka maimaita gwajin minti ashirin, agogo ya motsa sau biyu.

Na ji masu cewa mafita ita ce a kashe Battery Saver kawai a huta. Ban yarda ba. Wanda yake faɗin haka bai kwana a ɗakin da mutum shida ke layi a kan soket ɗaya ba, bai kuma biya mai caji a bakin get ba. Wayar da ta mutu ƙarfe biyu na rana ba ta aika komai ga agogo. Na kuma ji masu cewa ware manhajar zai cinye batir. Tana ci, ba musu, amma irin Bluetooth ɗin da take amfani da shi an ƙera shi ne don ƙarancin cin wuta, kuma allo ne babban mai shan caji. Wanda agogonsa ya yi shiru zai riƙa ciro waya yana kunna allo kowane minti biyar. Kar ka ɗauki maganata, shiga Battery usage bayan kwana ɗaya ka gwada kason manhajar da na allo. Abin da bai kamata ba shi ne ka bi manhajoji goma sha biyar kana ba kowacce Unrestricted. Ka yi haka, ka kashe Battery Saver ta bayan gida ke nan. Ta agogo, sai ɗaya ko biyu da saƙonsu ba ya jira, ya isa.

Inda nake da ƙorafi na gaske shi ne a kan shirun. Waya tana gaya maka za ta rage haske, za ta taƙaita ayyukan bayan fage, amma ba ta fito fili ta ce agogonka zai daina samun saƙo ba. Agoguna da yawa su ma ba sa nuna wata alama mai ƙarfi cewa an yanke su. Layi ɗaya na gargaɗi zai wadatar, kuma haƙƙin mai saye ne.

Gyaran nan ma yana da iyaka. Wayoyi da dama suna da mataki na biyu mai tsanani, wanda ake ganin Ultra ko Extreme a sunansa, inda ake barin manhajoji ƙalilan kawai. A nan babu kwaɗon da zai cece ka, sai ka sa manhajar agogon a cikin jerin da aka yarda da su, in wayar ta ba da dama. Sabunta waya kuma yakan mayar da wasu saituna yadda suke, don haka a sake gwaji bayan kowane sabuntawa.

Ni dai yanzu na kafa wa kaina doka. A makon jarrabawa, idan wayata ta sauka ƙasa da kashi 20 kuma agogo ya yi rabin awa bai motsa ba, ba na ɗaukar haka a matsayin babu labari. Guruf ɗin ajinmu bai taɓa yin rabin awa shiru ba, sai in ciro wayar in duba da idona.