Saƙon ƙarfe ɗayan dare ba gobara ba ce

Mu masu rubuta manhaja a Haɗejiya mun koya wa kanmu wata muguwar ɗabi'a. Waya ta yi ƙara ƙarfe 1 na dare, sai mu zabura kamar an ce kogi ya ɓalle. Alhali mai aikin yana Toronto, wurinsa ƙarfe 8 ne na dare, ya ci abinci ya tuna da launin wani maɓalli. Muka amsa sau ɗaya, ya zama doka. Gyaran da muka yi ido na lumshewa kuwa, shi muke warwarewa bayan asuba.

Masu cewa sai da haka ake riƙe kwastoma sun yi kuskure. Abin da yake nema shi ne ya san yaushe zai ji daga gare mu. Mu rubuta a yarjejeniya: amsa daga ƙarfe 2 na rana zuwa 6 na yamma, agogon Najeriya, wato 9 na safe zuwa 1 na rana a wurinsa. Dole mu ce agogon Najeriya, domin namu ba ya motsi, nasu kuwa yana komawa baya a Nuwamba, tazarar awa 5 ta zama 6.

Gaggawa iri biyu ce kawai: manhaja ta tsaya cak, ko biyan kuɗi ya ƙi shiga. Wannan ya kira waya, ya biya kuɗin dare. Sauran su kwana, mu ma mu kwana.