Rangwamen kuɗin haya: nawa ne zai shigo jakarki?

Tun 1 ga Janairu 2026 sabuwar dokar haraji ta Najeriya ta fara aiki, kuma a cikinta akwai rangwame ga masu zaman haya. A wurin aikinmu na ji wata tana murna wai gwamnati za ta mayar mata da kashi 20 cikin ɗari na hayarta. Uwargida, ba haka abin yake ba. Ana cire wannan kashi 20 ne daga kuɗin da za a ɗora wa haraji, sannan a yi lissafi a kan ragowar.

A ce albashinki na shekara, bayan an cire fansho, naira 2,200,000 ne. Naira 800,000 ta farko ba a taɓa ta. Abin da ya haura ta, har zuwa miliyan uku, ana karɓar kashi 15 a kansa. Ke nan 1,400,000 ce za ta sha haraji, ki biya 210,000.

To idan kina biyan hayar 600,000 a shekara, kashi 20 ɗinta 120,000 ne. A cire ta, 1,280,000 ta rage, harajin ya sauko 192,000. Kin tsira da 18,000 a shekara, wato 1,500 duk wata. Ba ta taka kara ta karya ba, amma ni dai ban ga dalilin barin ta ba, tunda haƙƙinki ce.

Rangwamen ba ya wuce naira 500,000, don haka da zarar haya ta kai miliyan biyu da rabi an zo iyaka. Wadda ke zaune a gidan kanta ko gidan gado ba ta ciki, haka ma wadda kuɗinta bai haura 800,000 ba, domin dama ba ta biyan komai. Yawan 'ya'ya ma ba ya rage ko sisi, wanda a ganina rashin tunani ne ga ƙasa irin tamu.

Inda ya fi shafarmu mu mata shi ne rasit. Da yawanmu muna tallafa wa maigida wajen haya, wata ma ita ke biya duka, musamman zawarawa da waɗanda mazansu suka rasa aiki. Amma sai ki tarar takardar da sunansa, ko kuma an miƙa wa dillali kuɗi hannu da hannu ba rubutu. Ba ki da hujjar cewa ke kika biya.

Kuma rangwamen ba ya zuwa da kansa, sai kin bayyana hayar. Ki biya ta banki, ki karɓi rasit da sunanki, ki haɗa da takardar yarjejeniyar haya ki kai ofishin albashi. Sannan ki duba layin PAYE a takardar albashinki ta wata mai zuwa. Idan bai sauka ba, ki koma ki tambaya, ko ki je hukumar tattara haraji ta jiharku.