Shirun da muke kira haƙuri

Idan yarinya ta dawo hutu daga makarantar kwana ta faɗa wa mahaifiyarta cewa ƙawarta ta tona mata asiri, amsar da za ta samu a Birnin Kudu ko Gwaram kusan ɗaya ce: ki yi haƙuri, ki ƙyale ta, kada ki tanka. Ina ganin wannan shawara tana cutar da yaranmu, kuma mun lulluɓe ta da sunan haƙuri ne don kada a yi mana gardama. Haƙuri shi ne mutum ya iya ramawa ya fasa. Wanda aka hana buɗe baki, cewa kawai aka yi ya haɗiye, kuma abin da aka haɗiye ba ya zama a ciki. Yana fitowa ta habaici a layin abinci, ta gaba ta zango guda, ta baƙar magana a status ɗin WhatsApp da zarar an zo hutu.

A ɗauki misalin ɗalibar aji biyar da ta gaya wa ƙawarta cewa mahaifinta ya saki mahaifiyarta, kwana biyu sai ta ji zancen a bakin 'yan ɗakin kwanansu. A makarantar kwana irin Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ko kowace makarantar 'yan mata ta kwana a Jigawa, ba inda mutum zai gudu: ɗaki ɗaya, famfo ɗaya, masallaci ɗaya. Abin da ya kamace ta shi ne ta fara tabbatarwa ba wata ce ta ji daga gida ta yaɗa ba, domin zargi ba hujja ba ne. Ta bar zancen ya kwana. Sannan ta rubuta, a takarda ko a waya, abu kamar haka: "Ƙawata, maganar gidanmu ke kaɗai na faɗa wa, kuma na ji ta a bakin wasu. Abin ya yi mini ciwo. Ba zan zage ki ba, ba kuma zan faɗi naki ba. Za mu ci gaba da gaisawa, amma sirrina ya tsaya a wurina daga yau."

A lura da abin da babu a saƙon, domin nan mutuncin yake. Ba ta maimaita sirrin ba, saboda duk rubutun da ya bar hannunka yana iya zama hoto a wayar mutum ashirin, kuma wadda ta yaɗa magana ba za ta ji nauyin yaɗa takarda ba. Ma'aunin mai sauƙi ne: da za a karanta saƙon a gaban taron ɗalibai da safe, wa zai ji kunya? Idan mai rubutun ce, ta sake shi. Babu "Allah ya isa", babu "me na yi miki?", domin tambayar tana miƙa wa mai laifi damar yanke hukunci. Idan amsa ta zo da musu ko zagi, kada ta sake rubutawa. Saƙo na biyu roƙo ne.

Za a ce addini ya yi umarni da yafiya. Haka ne, amma aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta izinin faɗin abin da aka yi masa, kuma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya lissafa cin amana cikin alamomin munafunci. Hadisin da ya hana ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku ma hujja ce a kan masu shawarar shiru, domin shirunsu ne ke zama gaba, alhali saƙon ya bar ƙofar sallama a buɗe. Yafiya daban, mayar da amana daban. Za a kuma ce yarinta ce, za su manta. To a waɗannan shekarun ne mutum yake koyon ko yana da ikon cewa an ɓata masa, kuma yarinyar da aka koya wa haɗiyewa a aji biyar da wannan halin za ta shiga gidan aure.

Saƙo yana da iyaka. In lamarin ya haɗa da hoto, ko barazana, ko neman kuɗi don a rufa asiri, ya wuce tsakanin ƙawaye. A kai shi ga malamar ɗakin kwana ko shugaban makaranta da iyaye a ranar.

Iyaye da malamai, idan yaro ya kawo muku irin wannan kuka, kafin ku ce ya yi haƙuri ku zauna ku taya shi tsara abin da zai faɗa.