Rolbak ba ya rage ping, ɓoye shi yake yi. Zare 🧵

1/ Jiya a hostel wani abokina ya sha kashi a Street Fighter 6, ya ajiye fad ya ce wai "wannan rolbak ɗin da ake ta zuzutawa ƙarya ce, ai ga ping ɗina nan 100 bai ragu ba." Gaskiya ne bai ragu ba, kuma ba zai ragu ba. Amma ba aikin rolbak ba ne rage shi. Ku zauna in warware muku, don na gaji da wannan musun.

2/ Mu fara da lissafi ɗaya tak, shi za mu riƙe har ƙarshe. Gem ɗin faɗa yana nuna hoto 60 a kowace daƙiƙa, kowane hoto shi ake kira firem. Firem ɗaya bai kai milisakan 17 ba. Komai da firem ake auna shi: naushi, tsalle, karewa, kombo.

3/ Ping kuma lokacin zuwa da dawowa ne. Idan allo ya nuna maka 100 ms, saƙon abokin karawarka yana ɗaukar kusan 50 kafin ya iso gare ka. Milisakan 50 firem 3 ke nan. To duk rigimar netkod a kan firem ukun nan take: suna nan, dole a biya su, tambayar kawai ita ce daga aljihun wa.

4/ Kuma kada wani ya ce maka sabon gem zai share su. Haske a cikin kebul ɗin faiba yana cin kimanin kilomita 200 ne a milisakan ɗaya. Daga Kano zuwa Landan ya haura kilomita 4,000 ko da a miƙe ne, wato zuwa da dawowa ya wuce 40 ms tun kafin a sa zagayen da kebul yake yi da na'urorin da ke hanya.

5/ Tsohon tsari shi ne na jira. Ka danna naushi, na'urarka ta riƙe shi ba ta nuna ba, sai ta ji abin da ɗayan ya danna a wannan firem ɗin, sannan su saki tare. A ping 100, duk abin da ka danna sai bayan firem 3 zai fito. Hannunka ne yake biyan bashin. Shi ne kake jin ɗan wasanka ya yi nauyi kamar yana tafiya cikin laka.

6/ Ni ba nauyin ne ya fi ci mini rai ba, canzawarsa ce. Netwok ya ɗan girgiza, jiran ya tashi daga 3 zuwa 6, ya sauko 4. Idan saƙo ya makara gaba ɗaya, gem ya sanƙare har ya iso. Kombon da ka kwana kana koya a Training Mode hannunka ya haddace shi da wani kiɗa, yanzu kiɗan yana sauyawa a tsakiyar rawa. Ina za ka kama shi?

7/ Rolbak ya ce a'a, ba za mu jira ba. Ka danna, ya fito nan take. To abin da ɗayan ya danna fa, tunda bai iso ba? Sai na'urarka ta yi hasashe. Kuma hasashen ba wata dabara ba ce mai zurfi: tana ɗauka cewa abin da yake riƙe da shi a saƙonsa na ƙarshe, shi yake ci gaba da riƙewa.

8/ Da na fara jin haka dariya na yi, na ce wannan ai ragon hasashe ne. Amma ka duba hannunka kana wasa. A daƙiƙa ɗaya firem 60 ne, sau nawa yatsunka suke canza abin da suke yi? Ko kai sarkin latse-latse ne, yawancin firem ɗin kana riƙe da baya ne, ko gaba, ko ba ka danna komai ba. Don haka hasashen ya fi yawan dacewa.

9/ Idan bai dace ba fa? Nan sunan ya samo asali. Mu bi misali a hankali. Ping 100. Ina wasa da wani, yana riƙe da Ryu, yana ja da baya. A firem na 100 ya danna ƙaramin naushi. Saƙon ba zai iso wurina ba sai firem na 103.

10/ A firem na 100, 101 da 102, allona yana nuna mini Ryu yana ci gaba da ja da baya. Ƙarya ce, amma na'urata ba ta sani ba tukuna. A 103 saƙo ya iso: ashe ya yi naushi tun a 100.

11/ Sai ta ɗauko yanayin wasan da ta adana daga farkon firem na 100, domin kowane firem tana ajiye komai: inda kowa yake tsaye, sauran jini, mita, agogo. Ta sake buga 100, 101 da 102 da naushin gaskiya, ba tare da ta nuna mini ba, sannan ta zana 103. Duk wannan cikin ƙasa da milisakan 17. Abin da idona ya gani kawai: hannun Ryu ya riga ya miƙe.

12/ Kun ga inda bashin ya koma? An cire shi daga hannuna, an yanke shi daga farkon motsin abokin karawata. Firem 3 na farkon naushinsa ban gan su ba. Shi ma a allonsa haka yake ganina: nasa motsin cikakke, nawa an gutsure masa kai.

13/ Kuma wurin da aka yanke ɗin wuri ne mai arha. Ƙaramin naushin Ryu firem 4 yake ɗauka kafin ya sauka. Ɗan Adam kuwa yana buƙatar wajen milisakan 200 ko fiye kafin ya ga abu ya mayar da martani, wato firem 12 zuwa sama. Ko kuna zaune kujera ɗaya ba ka taɓa kare wannan naushin don ka gan shi ba, tsammani ka yi. An sace maka abin da dama ba ka amfani da shi.

14/ Yanzu ga inda nake saɓawa da 'yan uwana masu tallan rolbak. Suna cewa "kamar oflayin yake." Haba dai. Ɗauki Drive Impact, firem 26 kafin ya sauka, kuma shi ana ganinsa a rama. A tsarin jira za ka ga duka 26, amma martaninka ya makara da 3. A rolbak martaninka nan take ne, amma 23 kawai ka gani. Lokacin ramawa ɗaya ne. Ba a ƙara maka ko firem ɗaya ba.

15/ To me ya sa ya fi daɗi nesa ba kusa ba? Domin ƙwaƙwalwa ba ta yafe jinkiri tsakanin yatsa da ido, amma tana yafe hoton da aka ɗan gutsure. Kuma jinkirin hannunka ba ya motsi. Ping ya tashi, ya sauka, kombonka yana nan da kiɗansa na Training Mode. Saƙo ɗaya ya makara, gem ba ya tsayawa, ya ci gaba da hasashe ya gyara daga baya. Wannan daidaiton shi ne laushin da muke ji.

16/ A aikace ma haɗa biyun ake yi. A sa jira kaɗan wanda ba ya canzawa, firem 1 ko 2, sauran a bar wa rolbak. A misalinmu, jira 1 yana nufin firem 2 kawai za a koma baya. Masu buga tsofaffin gem a Fightcade sun san wannan, domin kai da kanka kake zaɓar lambar. Ka sa ta ƙasa sosai da mutumin nesa, hoto ya yi ta tsalle. Ka sa ta sama, hannu ya yi nauyi.

17/ Iyakarsa kuwa a fili take. A ping 300, kowane gyara firem 9 ne. Mutum yana ƙasa, ƙiftawar ido sai ga shi a sama. Ka ji ƙarar duka, ka ga jininsa ya ragu, sai jinin ya dawo, ashe ya kare. Mafi ciwo shi ne ka ga kamar ka gama da shi, ka fara ihu, sai gem ya janye maganarsa 😭 Kuma akwai iyakar firem da zai yarda ya yi hasashe, idan an wuce ta shi ma tsayawa yake yi.

18/ Wannan ya kawo ni kan abokina. Matsalarsa ba 100 ba ce. Da hotsfot na waya yake wasa, wayar tana kan katifa, mutum uku suna jan data a kanta. Ping ɗinsa 80 yanzu, 190 an jima. Gara mini 120 da ta tsaya cak da 60 mai rawa. Yadda za ka gane: idan tsallen hoton ƙanana ne kuma iri ɗaya, nisa ne. Idan lafiya lau sai kwatsam mutum ya ɓace ya bayyana, layinka ne ke girgiza ko saƙonni na zubewa.

19/ Kuma ka tuna yawancin waɗannan gem ɗin na'urarka da tasa suke magana kai tsaye. Wayfay ɗinka mai rawa ba kai kaɗai yake cuta ba, har da bawan Allahn da ke can. Shi ya sa idan suka ga alamar wayfay kusa da sunanka suke ƙin karɓa. Ba raini ba ne.

20/ Wani zai ce tunda abin ya kai haka, me ya hana kowa sa shi tun farko? Tony Cannon, ɗaya daga waɗanda suka kafa gasar Evo, shi ya rubuta GGPO, kuma Skullgirls ta fito da shi tun 2012. A 2019 ya saki lambarsa kyauta. Amma ba abin liƙawa ba ne. Dole gem ya iya adana kansa kowane firem, ya iya buga firem da yawa a lokacin guda ɗaya, kuma dannawa iri ɗaya ta haifar da sakamako iri ɗaya a na'urori biyu. Bambanci ko na ƙwayar zarra, sai kowa ya koma kallon wasansa daban.

21/ Shi ya sa Mortal Kombat X, da ta fito a 2015, sai a 2016 ta samu, bayan an yi wa injinta babban aiki. Dragon Ball FighterZ ta fito a 2018, sai 2024. Kuma sa shi ba ya nufin an iya shi: Street Fighter V tana da rolbak, amma agogon na'urorin biyu kan zame wa juna, ɗaya ya riƙa shan duk tsallen, ɗayan yana jin daɗinsa bai ma sani ba. Idan ka taɓa rantsuwa akwai lag abokinka yana cewa ƙarya kake, wataƙila duk ku biyun gaskiya kuka faɗa.

22/ Matsayata dai: gem ɗin faɗa da ba shi da rolbak, ba zan cire kuɗin makarantata in saya ba, domin mu nan yawancin abokan wasanmu nesa suke. Abokina kuma mun ɗaure wayarsa da na'urar da kebul ɗin USB, mun kori masu kallon bidiyo daga hotsfot ɗin. Ping ya zauna wajen 100, bai motsa ba. Ya sake shan kashi 5 da 2, yanzu fad yake zargi 😂