Takardar Binciken Haraji Ta Zo Shago: Fara Da Banki Kafin Rasit



Da yawa daga cikinmu muna da ɗan shago, ko kuma mu ne masu karanta wa mahaifi ko yaya duk wata takarda da ta zo da Turanci. Idan takardar ta fito daga hukumar haraji, abu biyu aka saba yi: ko a jefa ta ƙarƙashin kanta a ce Allah ya kyauta, ko a nemi wanda ya san wani a ofis a je a sasanta. A ganina duka biyun asara ce. Abin da ya fi shi ne a karanta takardar a tsanake, sannan a fara tattara bayanan banki kafin a taɓa buhun rasit.

Farko dai a gane wace irin takarda ce, domin iri biyu ne ake yawan cakuɗawa. Takardar sanarwar bincike ba ta cewa ana bin ka bashi. Tana cewa ne jami'ai za su duba lissafinka na wasu shekaru, ga ranar da za su zo ko za ka je, ga kuma jerin takardun da suke so. Takardar ƙiyasin haraji kuwa ita ce mai ɗauke da adadin kuɗin da hukuma ta ce ka biya. Wannan ta biyun tana da wa'adi a doka: kwana 30 daga ranar da ta iso hannunka don ka rubuta ƙin amincewa tare da dalilanka. Idan ka yi shiru wa'adin ya wuce, adadin ya zauna, ko da kuwa an yi maka ƙari. Shi ya sa ranar da takarda ta zo, a rubuta kwanan watan a jikinta.

Sai a duba wanda ya aiko. Mai shagon da ke kasuwanci da sunansa, ko ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai a CAC, harajin ribarsa yana hannun hukumar jiha ne, kamar KIRS a Kano ko KADIRS a Kaduna. Wanda ya yi rajistar kamfani, irin wanda sunansa ke ƙarewa da Ltd, harajin ribar kamfanin na hukumar tarayya ne, wadda aka sani da FIRS, ta kuma koma NRS daga watan Janairun 2026. Kuɗin shago da ƙaramar hukuma ke karɓa wani abu ne daban, rasit ɗinsa ba ya tsayawa a madadin harajin riba. A duba ko sunan da lambar haraji ta TIN da ke jikin takardar naka ne, a duba shekarun da aka ambata. Kafin a miƙa wa kowa komai, a taka a je ofishin hukumar da takardar a tabbatar daga can ta fito, kada a dogara da lambar wayar da ke jikinta. Duk wanda ya ce a tura kuɗi asusunsa na kansa don a rufe magana, an san inda ya dosa.

To me ya sa na ce banki kafin rasit? Saboda jami'i zai fara ne da abin da ba kai ka rubuta ba. Littafin cinikinka kai ka rubuta shi, zai iya yarda, zai iya ƙi. Bayanan banki kuwa banki ne ya buga, kuma doka ta ba hukuma damar neman su. Idan babu wani bayani daga gare ka, hanya mafi sauƙi a wurinsa ita ce ya haɗa duk kuɗin da ya shiga asusu ya kira shi ciniki. A nan ne ƙananan 'yan kasuwa suka fi cutuwa, domin asusu ɗaya ne na shago, na gida, na adashi da na 'yan uwa.

Mu ɗauki misali. A ce mai shagon kayan masarufi ne, an ce za a duba shekarar 2024. Ya karɓo bayanan asusunsa daga Janairu zuwa Disamba, sai aka ga jimillar abin da ya shiga Naira miliyan 21 da dubu 600 ne. Idan jami'i ya ɗauki wannan a matsayin ciniki, ya kuma ƙiyasta riba da kashi 20 cikin ɗari, zai ce ribar ta haura miliyan 4 da dubu 300, a kanta zai ɗora haraji.

Amma da mai shagon ya zauna da biro ya bi layi-layi, sai ga abin da ya fito. Miliyan 12 da dubu 400 ne kuɗin kaya da aka biya ta tiransifa da na'urar POS. Miliyan 5 na mutanen da suka turo kuɗi suka karɓi tsaba ne, abin da ya samu a ciki ladan cirewa ne kawai, Naira dubu 100. Miliyan 2 ƙanensa ne ya turo daga Legas don ginin gida. Miliyan 1 da dubu 200 kwasar adashi ce. Miliyan 1 kuma shi da kansa ya turo daga ɗaya asusunsa. Ka ga fiye da miliyan 9 ba kuɗin kaya ba ne sam.

Sai dai faɗa da baki ba ta isa ba, kowane kaso yana buƙatar shaidarsa. Kuɗin ƙane, sunansa yana jikin tiransifar, ga kuma fitar kuɗin zuwa mai bulo da mai siminti a kwanakin da suka biyo baya. Adashi, a nemi hoton shafin littafin mai riƙe da adashin, a nuna zubin da aka riƙa yi kafin kwasa. Kuɗin da ya turo wa kansa, bayanan ɗaya asusun za su nuna fitarsa a rana ɗaya, adadi ɗaya. Wannan ne dalilin da ya sa ake karɓo bayanan dukkan asusu, har da na manhajar POS, domin ɓoye ɗaya yana karya shaidar ɗayan.

Akwai wani tarko a nan. Wani zai ce to shi ke nan, sai in ce cinikina miliyan 12 da dubu 400 ne, in yi shiru a kan cinikin tsaba. Kada a yi. A misalinmu, takardun sarin kaya na shekarar sun kai miliyan 13 da dubu 600. Wanda ya ce ya saro kayan da suka fi cinikinsa da fiye da miliyan 1, alhali shago bai cika maƙil da kaya ba, ya tona kansa da kansa. Jami'i zai kuma tambaya: tsabar da kake ba masu cirar kuɗi daga ina take fitowa? Da zarar ya kama ƙarya ɗaya, sauran bayananka na gaskiya ma sun zama abin zargi. Don haka mai shagonmu ya fito da littafin ciniki, wanda ya nuna cinikin tsaba na miliyan 3 da dubu 600. Jimillar ciniki ta zama miliyan 16.

Yanzu ne rasit zai yi amfani, domin haraji a kan riba yake, ba a kan ciniki ba. Ya fara shekara da kayan miliyan 1 da rabi a shago, ya saro na miliyan 13 da dubu 600, ya ƙare shekara da na miliyan 1 da dubu 900. Ke nan kayan da ya sayar sun tsaya masa a miliyan 13 da dubu 200, bambancin da ke tsakaninsu da ciniki miliyan 2 da dubu 800 ne. A cire hayar shago, albashin yaro, wuta da man janareta da kuɗin dako, a ce duka miliyan 1 da dubu 200. Saura miliyan 1 da dubu 600. A ƙara ladan POS, riba ta zama miliyan 1 da dubu 700. A gwada wannan da miliyan 4 da dubu 300 na ƙiyasi. Abin lura, cefanen gida da kuɗin makarantar yara ba sa shiga kuɗin da ake cirewa, ko da daga aljihun shago suka fita.

Saboda haka jerin tattarawa a wurina shi ne: bayanan banki da na POS na shekarun da aka ambata, sai shaidar kuɗin da ba na ciniki ba, sai littafin ciniki da na bashi, sai takardun sari da na haya, sai rasit na duk harajin da aka taɓa biya. Na ƙarshen nan kada a raina shi, domin abin da ka riga ka biya ana cire shi daga abin da za a ce ka biya. Kwafi ake miƙawa, asali ya zauna a hannunka, a kuma rubuta jerin abin da aka miƙa a sa jami'i ya buga hatimin karɓa. Idan lokacin da aka bayar ya yi kaɗan, a rubuta wasiƙar neman ƙarin lokaci kafin ranar ta cika, ita ma a buga mata hatimi. Haka nan a ba da shekarun da aka nema kawai. A ƙa'ida hukuma na iya komawa baya har shekara shida, don haka kada a ƙona tsoffin littattafai da sunan shara.

Na san abin da wasu za su ce: yawancin masu shago ba su da littafi, dillalai a kasuwa ba sa ba da rasit, kuma mutane sun gaji da masu zuwa karɓar kuɗi kala-kala. Duk gaskiya ne. Amma wanda ba shi da littafi yana da tiransifar da ya yi wa dillali, kuma zai iya komawa wurin dillalin ya roƙi a rubuta masa jimillar sarinsa daga nasu littafin. Abin da ba a yi shi ne a sayo sabon littafi a cike shekara guda a dare ɗaya da biro ɗaya. Jami'in da ya saba aikin zai gane, kuma an tashi daga sakaci an koma ha'inci. A rubuta taƙaitaccen lissafi a faɗi a fili cewa daga bayanan banki aka haɗa shi.

Shi kuwa sasanci, arha yake a ranar farko kawai. Kuɗin da aka ba mutum a hannu ba ya shiga fayil ɗinka. Gobe a sauya masa wurin aiki, wanda ya gaje shi ya buɗe fayil ya ga ba a biya komai ba, ga tara da kuɗin ruwa sun hau. Mai takarda kuwa ko an yi masa ƙiyasin da bai yarda da shi ba, yana da kwana 30 na ƙin amincewa, idan hukuma ta ƙi sauyawa kuma akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, wadda ta shiyyar Arewa maso Yamma ke zama a Kaduna. Idan adadin ya yi girma, ko rajistar kamfani ce, kuɗin da za a biya akanta ya duba lissafin kafin a miƙa ba asara ba ne.

Wanda takarda ba ta zo masa ba tukuna, ya buɗe wa shago asusunsa daban tun yau, ya kuma riƙa rubuta jimillar cinikin tsaba kowane dare kafin ya rufe ƙofa.

Allah ya sa albarka a kasuwa. Sai mako mai zuwa.